Ka riƙa saye duk wata ko ka jira farashi ya faɗo? Magana ga mai ɗan ƙaramin albashi

Tambayar nan ta yi yawa a bakin matasanmu na Gombe da suka fara shiga harkar hannun jari ta waya, musamman masu ɗan albashi, malaman firamare, ma'aikatan asibiti, yaran shago, masu POS. Mutum zai ce maka yana iya ware dubu goma ko sha biyu duk wata, ya buɗe akawun ɗin shiya, wato hannun jari, amma ya tsaya cak bai sayi komai ba saboda wani ya ce masa farashi ya yi sama da yawa yanzu, ya bari sai ya sauko tukunna. Wani kuma ya ce masa a'a ya yi DCA kawai, wato ya ware adadi ɗaya ya riƙa saye da shi a rana ɗaya duk wata ko farashi na sama ko yana ƙasa. Toh wanne zai ɗauka?

Ni dai bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu don kada in ja ka da nisa: ga sabon shiga mai ƙaramin kuɗin da ke shigowa wata-wata, sayen duk wata ya fi masa. Amma ba don wai kullum shi ke cin riba fiye da jira ba, wannan ba gaskiya ba ne kuma zan nuna maka inda mai jira yake yin nasara. Dalilin shi ne jira yana da kuɗin da ake biya wanda ba a gani a sikirin, kuma wannan kuɗin ya fi yi wa talaka nauyi.

Na san inda tunanin jiran yake fitowa, kuma ba tunanin banza ba ne. Duk wanda ya taso a garin nan ya san ba a zuwa Tudun Hatsi a sayi masara ko wake na ajiya a watan Yuli lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ana bari ne sai kaka, kaya sun shigo daga ƙauyuka farashi ya karye sannan a saya a jibge. To shi ya sa idan aka ce wa mutuminmu ya jira farashin shiya ya faɗo sai ya ji ai abin da ya sani ne. Bambancin kawai shi ne hatsi yana da kaka, ka san watanta, ka san dalilin saukar farashin, ka san in Allah Ya yarda za ta zo. Kasuwar hannun jari ba ta da kaka. Faɗuwar tana zuwa, tabbas, amma babu wanda ya san ko wata uku ne nan gaba ko shekara biyu, kuma babu wanda ya san daga wane farashi za ta faro. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin maganar gaba ɗaya, daga ina faɗuwar za ta faro.

Bari mu yi lissafi da misali, lambobin ni na tsara su don su yi sauƙin rabawa, ba farashin wani kamfani ba ne. Mutum biyu ne, kowanne yana ware naira 12,000 duk wata har wata shida, jimla 72,000 kenan. Na farko yana saye duk wata. Na biyu yana tarawa, ya kafa wa kansa doka cewa ba zai saya ba sai farashi ya sauko da kashi 15 cikin ɗari daga inda ya kai ƙololuwa. Mu ajiye maganar cajin dillali tukunna.

A ce farashin shiya ɗaya ya tafi haka a wata shidan: 40, 40, 48, 50, 60, sannan ya faɗo 50. Mai sayen duk wata ya samu shiya 300 a watan farko, 300 a na biyu, 250 a na uku, 240 a na huɗu, 200 a na biyar da farashi ya yi tsada, sai 240 a na shida. In ka haɗa ya tara 1,530, kowace ɗaya ta tsaya masa a wajen naira 47. Shi kuma mai jira, abin da yake jira ya zo masa daidai, daga 60 zuwa 50 ai ya ɗan wuce kashi 16, ya cika alƙawarinsa bai ji tsoro ba ya zuba 72,000 ɗin gaba ɗaya a kan 50, ya samu 1,440. Ka ga abin? Ya yi haƙuri, faɗuwar ta zo, ya saya a daidai lokacin da ya tsara, amma duk da haka ɗan'uwansa ya fi shi da shiya 90. Saboda arahar da ya samu araha ce idan an gwada da 60, amma tsada ce idan an gwada da 40 da 40 da 48 da ya bari suka wuce shi yana kallo.

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka a kai. Ba faɗuwar ce kaɗai ake dubawa ba, a'a, farashin bayan faɗuwar ake gwadawa da farashin da ake sayarwa duk tsawon lokacin da kake zaune kana jira. Idan abu yana 100 ranar da ka fara jira, ya hau 130, sannan ya sauko da kashi 15, yana kan 110 da ɗoriya, har yanzu ya fi ranar da ka ƙi saya tsada. Kafin ya dawo 100 ɗin nan sai ya faɗi da kusan kashi 23. Idan kuwa ya kai 150 kafin ya juyo to sai ya zubar da kashi ɗaya cikin uku na darajarsa kafin ka ga farashinka na farko. Kullum hawan na ƙaruwa, faɗuwar da kake buƙata na ƙara girma.

Yanzu mu juya lissafin don a yi adalci. A ce farashin ya tafi haka: 50, 50, 48, 40, 30, 40. Mai sayen duk wata ya samu 240, 240, 250, 300, 400, 300, jimla 1,730. A farashin 40 na ƙarshe kayansa sun tsaya 69,200, wato yana cikin asarar 2,800. Mai jira kuwa a wata na huɗu ya ga an sauko daga 50 zuwa 40, dokarsa ta cika, ya zuba 48,000 da ya tara ya kwashi 1,200, wata na biyar ya ƙara 400 a kan 30, na shida ya ƙara 300, jimla 1,900, darajarsu 76,000, yana da ribar 4,000. A nan mai jira ya ci, kuma cin gaske, ya fi ɗan'uwansa da shiya 170. Duk wanda ya ce maka DCA ba ya taɓa shan kaye bai yi lissafi ba. Idan faɗuwar ta zo da wuri kafin farashi ya yi wani hawa, jira ya fi.

Amma ka lura da abin da sai da ya haɗu kafin ya ci. Sai da faɗuwar ta zo cikin wata huɗu. Sai da kuɗin suka kasance suna nan cif ba a taɓa ko sisi ba. Kuma sai da ya iya danna saye a ranar da kowa ke kuka, sannan wata mai zuwa da ya buɗe waya ya ga 48,000 ɗinsa sun koma 36,000 saboda farashi ya ƙara zubewa zuwa 30, bai firgita ya sayar ba, ya ma ƙara saye. A takarda wannan abu ne mai sauƙi. A zahiri mutumin da albashinsa bai fi dubu saba'in ko tamanin ba ya ga dubu sha biyu, ajiyarsa ta wata guda cur, ta ɓace cikin kwana talatin, wallahi ba kowa ke iya barci ba. Abin da ya fi faruwa shi ne idan farashi ya sauko kashi 15 sai zuciya ta ce bari ya kai 25, idan ya kai sai labarai su yi muni ta ce bari ƙura ta lafa, lokacin da ƙurar za ta lafa kuma farashi ya riga ya koma inda ya fito.

Akwai hanya ta uku da farashi ke bi wadda masu cewa a jira ba su cika son a ambata ba, ita ce faɗuwar ta ƙi zuwa. 40, 40, 48, 50, 60, 60. Mai sayen duk wata yana da 1,490, darajarsu 89,400. Mai jira yana riƙe da 72,000 ɗinsa a banki, in ya gaji ya shiga yanzu 1,200 kawai zai samu. Kuma wannan ba tatsuniya ba ce, mun gani a NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya. Babban ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin shiya gaba ɗaya, ya shiga 2023 yana wajen 51,000, ya fita daga shekarar yana sama da 74,000, hawan kusan kashi 46. A farkon 2024 ya haura 100,000. Daga baya ya ɗan sauko a cikin shekarar, eh, amma bai ko zo kusa da 51,000 ba, bai ma sauka ƙasa da 90,000 ba, ya kuma rufe shekarar da hawan kusan kashi 38. Wanda ya ce a farkon 2023 zai jira araha ya samu saukowar da yake jira, sai dai a farashin da ya kusa ninka wanda ya ƙi. Ba ina cewa haka za ta riƙa yi kullum ba, ina nuna maka ne cewa hakan na faruwa kuma yana iya ɗaukar shekaru.

Toh sai maganar kuɗin da ke zaune suna jira, wanda a wajena nan ne hukuncin yake yankewa ga ɗan Najeriya. Littattafan da ake koyar da wannan abu yawanci an rubuta su ne a ƙasashen da tsadar kaya ke hawa da kashi biyu ko uku a shekara, can in ka riƙe tsabar kuɗi shekara guda ba ka yi wata asara ba. Mu a nan a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. In kaya na hawa da kashi 30 a shekara, dubu ɗari da ka ajiye za ta sayi abin da dubu saba'in da bakwai ke saya a bara ne kawai. Ga kuma ita nairar kanta, kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,400. Wanda yake tara naira a lokacin yana jiran wani abu mai farashin dala ya sauko da kashi 20, ko da ya sauko ɗin, a naira ya ninka masa tsada. Shi mai jira gani yake kuɗinsa na nan lafiya tunda lambar da ke akawun ba ta canza ba, alhali suna zagwanyewa a hankali.

Wani zai ce ai sai ya ajiye kuɗin jiran a inda ake ba da ruwa mai tsoka ya rage zafi. Gaskiya ne ga wanda yake karɓa. Amma da yawa daga cikinmu ba ma cin kuɗin ruwa, kuɗin a akawun na yau da kullum suke zama ba sa haihuwar komai, kaga kenan jiran ya fi mana tsada fiye da yadda yake yi wa wasu. Akwai asusun zuba jari na halal da bankuna marasa ruwa da ke raba riba, mutum zai iya ajiye wa a can, sai dai dole ya tambaya kwana nawa ake ɗauka kafin a fitar masa da kuɗi, don in faɗuwar ta zo kuɗinka kuma suna kulle to jiran ya tashi a banza.

Sannan ga wata asarar da babu littafin da ke lissafa ta amma duk ɗan Gombe ya san ta. Kuɗi ba sa zama a hannun mai ƙaramin ƙarfi. Ka tara 48,000 a waya, sai ga suna a gidan yayanka, ga kuɗin makarantar yara, ga taki lokacin damina, ga azumi da ɗinkin sallah, ga abokin da zai ce ka ranta masa zuwa ƙarshen wata. Kuma kai mutum ne, ba za ka ga ɗan'uwa cikin matsala kana da kuɗi a akawun ka ce babu ba, bai ma kamata ba. Abin da ke faruwa shi ne kuɗin jiran faɗuwa su ne na farko da ake taɓawa saboda su ne ba su da aikin yi a yanzu. Ranar da kasuwa za ta faɗo kuma sau da yawa lokacin ne gari ya yi zafi kowa na neman na abinci, ka tuna watan Maris na 2020 lokacin korona, shiya ta yi araha ƙwarai, kasuwar ma ta rufe shekarar da hawan kashi 50, amma mutum nawa ne cikin masu ƙaramin albashi ke da rarar kuɗin saye ana shirin kulle gari? Mai sayen duk wata ya tsallake wannan domin kuɗinsa sun bar hannunsa tun washegarin albashi.

Kada kuma ka ɗauka DCA wani sihiri ne. Abin da yake yi ɗan kaɗan ne kuma a fili yake: tunda adadin kuɗin ɗaya ne, in farashi ya sauka kana samun shiya da yawa, in ya hau kana samun kaɗan, shi ya sa a misalin farko matsakaicin farashin watannin 48 ne amma kai ka saya a 47. Naira ɗaya ce tsakani. Ba wannan ce babbar fa'idarsa ba. Babbar fa'idarsa ita ce ya cire maka yanke shawara sau goma sha biyu a shekara, a lokacin da ba ka da gogewar yanke ta.

Kuma ba ya hana asara, wannan ina so a ji shi da kyau. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwarmu ya kai wajen 66,000, cikin shekara guda ya zube zuwa wajen 20,000, kuma bai sake ganin wancan matsayin ba sai 2023, shekara goma sha biyar. Iyayenmu da yawa da suka sayi shiyar bankuna a wancan lokacin har yau ba sa son a tayar da zancen. Wanda ya fara sayen wata-wata a farkon 2008 ya sha wuya shekaru. Amma dubi abin da ya sami mai jira shi ma: ya ga an sauko kashi 15 ko 20, dokarsa ta cika, ya juye duk abin da ya tara, sai kasuwa ta ci gaba da zubewa har ta rasa kusan kashi 70. Faɗuwar da za ta dawo da wadda ba za ta dawo da wuri ba duk kamarsu ɗaya a makonnin farko. Mai sayen duk wata aƙalla ya ci gaba da ɗiban kaya a can ƙasa, wannan ya jawo matsakaicin farashinsa ƙasa sosai ya kuma sa ya farfaɗo tun kafin kasuwar ta koma ƙololuwa.

Sai dai wannan farfaɗowar tana da sharaɗi babba, abin da kake saye ya zama mai rai ne. A 2011 an karɓe lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu shiya a cikinsu suka tashi babu komai. Wanda yake ta ƙara saye duk wata yana cewa ya samu araha, ƙara zuba kuɗi ya yi a rami. Haka masu kirifto suka gani da wani kuɗin intanet mai suna LUNA a watan Mayun 2022, cikin kwanaki ta koma kusan sifili, masu DCA da masu jiran faɗuwa duk tare suka nutse. Don haka tambayar me zan saya tana gaba da tambayar yaushe zan saya. Ga mai dubu goma sha biyu a wata abin da ya fi aminci shi ne abin da ya haɗa kamfanoni da yawa a kwando ɗaya, irin asusun haɗaka ko ETF, wato kwandon kamfanoni da ake saye a kasuwa kamar shiya ɗaya, akwai ma na halal a NGX kamar Lotus Halal Equity ETF da ke bin kamfanonin da aka tace bisa shari'ar Musulunci. In kuma kamfani ɗaiɗai kake so to ya zama wanda ka san abin da yake sayarwa, yana fitar da rahoton ribarsa, yana da tarihin raba riba, kuma kada ya zama guda ɗaya tak.

Ga masu Bitcoin lissafin ɗaya ne sai dai komai ya fi zafi. Ya kai wajen dala 69,000 a Nuwambar 2021, ya faɗo wajen 16,000 a Nuwambar 2022, ya haura 100,000 a Disambar 2024. Saukar kashi 15 a wannan kasuwa ba labari ba ne, tana iya faruwa cikin mako guda, don haka dokar jiran kashi 15 ba ta tace maka komai. Wanda ya saya a saukowar farko daga 69,000 ya ga kuɗinsa sun ƙara narkewa da fiye da kashi 70. In har za ka shiga nan, to da abin da in ya salwanta ba zai hana gidanka cin abinci ba.

Wani abu da ke ruɗar sababbi a NGX, ba duk sauka ce araha ba. Idan kamfani zai raba riba yana sa ranar da duk mai riƙe da shiya zuwa ranar zai samu, da ta wuce sai a rage farashin shiyar da daidai adadin ribar da za a raba. Ka ga shiyar 50 ta wayi gari 47 ka ce ga dama ta samu, alhali naira ukun nan ta tafi aljihun waɗanda suka riƙe, kai da ka saya yau ba ka ciki. Wannan ma wata asarar jira ce, duk ribar da aka raba kana waje ta wuce ka. Wata saukar kuma dalilinta rahoto ne mara kyau, riba ta ragu ko bashi ya yi wa kamfanin katutu. Hanyar ganewa ta farko ita ce ka duba, duk kasuwar ce ta sauka ko shi kaɗai ne? In shi kaɗai ne ke zubewa sauran na tsaye, musamman in yana buga iyakar kashi 10 da aka ƙayyade na rana ɗaya kwana da kwanaki a jere, ka nemi dalili kafin ka ƙara ko kwabo, ko da ranar sayenka ta wata ta zo.

Yadda za ka tsara abin a aikace ba shi da wahala. Kafin komai ka fara tara kuɗin ko-ta-kwana, aƙalla abin da zai riƙe gidanka wata biyu ko uku, don babban abin da ke kashe DCA shi ne a tilasta maka sayarwa lokacin da farashi ke ƙasa saboda rashin lafiya ko haya. Sannan ka buɗe akawun wajen dillalin da ke da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ka duba sunansa da kanka a jerin da hukumar ke wallafawa kada ka dogara da hoton satifiket da aka turo a waya, za su nemi BVN da katin shaida su buɗe maka akawun na CSCS inda shiyarka ke zama da sunanka, ka kuma cika fom ɗin da zai sa ribar da ake rabawa ta riƙa shigowa bankinka kai tsaye. Duk wanda ya ce ka riƙa turo masa kuɗi duk wata zai ba ka riba tsayayya ta kashi kaza, wannan ba DCA ba ne, hanyar MMM ce. Ka zaɓi adadin da ko a watan sallah za ka iya, gara dubu takwas da ba ta yankewa da dubu ashirin da za ka bari a wata na uku. Ka ɗaura ranar da shigowar alat ba da kalanda ba, tunda albashi kan yi jinkiri, washegarin shigarsa ka tura. Mai sana'ar da kuɗinsa ba su da tsayayyen lokaci sai ya yi da kaso, misali ɗaya cikin goma na ribar kowane mako ya tara ya saya a ƙarshen wata.

Ka kula da caji sosai don shi ke cin ƙaramin mai saye. In cajin kaso ne cikin ɗari, to ko sau ɗaya ka saya ko sau goma sha biyu kusan duk ɗaya ne. Amma in akwai tsayayyen caji a kan kowane ciniki, a ce naira 200 tsakanin tura kuɗi da mafi ƙarancin kamashon dillali, a kan 5,000 kashi 4 kenan ya tafi tun kafin ka fara, a kan 20,000 kuwa kashi 1 ne. In abin da kake warewa ƙarami ne haka, ka haɗa na wata biyu ko uku ka saya lokaci ɗaya, amma ranar ta zama tsayayya da ka sa tun farko, ba ranar da ka ga farashi ya yi maka daɗi ba. Bayan sayen farko ka buɗe takardar cinikin da dillali ke turowa ka raba jimlar cajin da kuɗin da ka saka, a nan za ka san gaskiyar abin da ake cire maka.

In kuma zuciyarka ta ƙi yarda sai ka taɓa jiran faɗuwar, na fahimta, akwai hanyar da ba za ta cutar da kai sosai ba. Cikin 12,000 ka riƙa saye da 10,000 duk wata, ka ware 2,000 gefe a wani akawun daban. Ka rubuta dokar a takarda tun yau da hankalinka ke kwance: in ma'aunin kasuwa gaba ɗaya, ba kamfani ɗaya ba, ya sauko kashi 15 daga ƙololuwarsa zan saka rabin abin da na ware, in ya kai kashi 25 zan saka sauran, in kuma wata goma sha biyu suka cika babu abin da ya faru zan zuba su duka in sake farawa. Wa'adin nan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, shi ke hana jiran wata shida ya zama na shekara uku. Ka kuma san girman abin da kake nema, 24,000 ne a shekara, ko ka dace ka saya da rangwamen kashi 20 abin da ka tsira da shi dubu shida ne kawai, rabin ajiyar wata ɗaya. Wanda ya tsallake wata guda bai saya ba ya rasa fiye da haka a yawan abin da ya tara, don haka in ka ga kula da wannan ɗan asusun na sa kana wasa da dubu goman, ka rufe shi ka mayar da 2,000 ɗin cikin sayen wata.